Ku Fara da Kanun Magana Kafin Ku Kwashe Rubutu

'Yan uwana ɗalibai, don Allah ku daina kwashe rubutun takardar lacca ta PDF gaba ɗaya ku zuba a waya, ku ce kun haɗa abin bita. Sau da yawa fayil ɗin PDF bai san kan magana ba, bai san jimla ba. Abin da yakan ajiye shi ne gurbin da kowane harafi ke zaune a shafi.

Ku duba takardar da malami ya fitar daga PowerPoint, alluna shida a shafi ɗaya, biyu a jere sau uku. Idan ya zaɓi Horizontal, allo na 1 da na 2 ne a sama, na 3 da na 4 a tsakiya. Idan Vertical ne, na 1 zuwa na 3 suna hagu, don haka maƙwabcin na 1 shi ne na 4. Da ka kwafe shafin duka, sau da yawa na'ura za ta bi layi daga hagu zuwa dama, ta haɗa layin farko na wannan allo da na wancan. Sai ka haddace alamomin taifot a ƙarƙashin zazzaɓin cizon sauro, ba ka sani ba sai ranar jarrabawa.

Saboda haka ku fara buɗe sabon shafi, ku jera lambar kowane allo da kan maganarsa kamar yadda malam ya rubuta, ba ragi ba ƙari. In babu lamba, ku bi zaren maganar ku gane jerin, ku sa da kanku. Sannan ku riƙa ɗauko rubutun allo ɗaya bayan ɗaya, kuna sakawa a ƙarƙashin kansa. Inda aka maimaita kai sau uku saboda malam yana fito da bayani kaɗan-kaɗan, ku ɗauki na ƙarshe, shi ne cikakke, amma ku rubuta lambobin duka ukun. Inda zane ne ko jadawali, kada ku tsallake; ku rubuta "duba zane a allo na 9".

Mai kwamfuta na iya yanko kusurwa ɗaya kawai da pdftotext, manhajar da ke ciro rubutu daga PDF. A takardar A4, wannan zai ɗauko allon sama na hagu a shafin farko:

```
pdftotext -f 1 -l 1 -x 0 -y 0 -W 298 -H 281 lacca.pdf allo1.txt
```

In kuwa ka danna kalma ta ƙi zaɓuwa, hoto ne aka ɗauka. Ɗora shi a Google Drive, ka buɗe da Google Docs, amma ka bi shi layi-layi, domin ƙ da ɗ da ɓ sukan lalace, haka ma ƙananan lambobi irin na H₂O.

Da kun gama, ku ƙirga lambobin da kuka rubuta ku gwada da yawan allunan. In alluna 36 ne, lambobinku suka tsaya a 34, biyu sun haɗe ko sun ɓace. Ku koma ku nemo su kafin ku tura wa 'yan aji.