Ni da albasar Aliero

Duk wanda ya sake kirana Hajiya Albasa a kasuwa, ban yafe ba.

Kun dai san zancen. Na kwashi adashe a watan Maris, na haɗa da kuɗin tumakina biyu da ɗan kunnen gwal, na aika Aliero aka lodo min buhu 40. Da rani albasa a wulaƙance take, in aka kai Nuwamba kuwa sai mai rabo. Har atamfar da zan ɗaura a jirgin Umara na zaɓa.

Ashe albasar ajiya sai an shanya ta wuyanta ya bushe, a baje ta inda iska ke ratsawa, ana tsince mai taushi kafin ta shafa wa sauran. Ni a buhu na bar ta, a ɗakin siminti marar taga, na danna kwaɗo saboda yara. Damina ta sauka a kanta.

Ranar da dillali ya kawo mai saye a watan Agusta, ni na gayyato mutane da bakina. Na ce su zo su ga jari. Ina buɗe ƙofa, ƙudaje suka fito kamar an tashi makarantar allo. Baƙin ruwa ya biyo ƙasan ƙofa ya shige min silifa. Mai sayen ya toshe hanci da hularsa, ya latsa guda ɗaya, yatsansa ya nutse. Ya ce, "Hajiya, taki kike sayarwa?" Don ƙarfin hali na ce na sama ne kawai. Aka ɗago na ƙasa, gindin buhun ya zube a ƙafata. Waɗanda ba su ruɓe ba sun yi tsiro, kore shar. Da kyar muka tsinci buhu 9.

Maman Biyu na tsaye, ba wanda ya kira ta. Ita fa adashenmu ɗaya, amma ta raba nata huɗu: wake, manja, ragon layya, saura ta bari tana juyawa a tebur. Lokacin har dariya na yi mata, na ce jarin tsoro. Ƙwari sun ci mata buhun wake guda, ko a jikinta, rago ya mayar. Ni da abu ɗaya ya taɓu, ko kuɗin cefane babu. Kuma matar nan ba ta ce uffan ba, sai "Sannu Yaya, Allah ya mayar da alheri," tana danne dariya da bakin mayafi. Da ta zage ni ma ya fi. Har yau kwanon shana yana wurinta tun sunan jikarta, ban manta ba.

Bana na sayi albasa buhu 5, na haɗa da gyaɗa da ɗan akuya, na bar na juyawa. Kada wanda ya gaya mata. Akuyar ma tun jiya take tari.