Kafin ka ce ka samu aiki a kamfanin ƙasar waje, duba sunan da ke kan takardarka

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jiha ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, kuka yi bautar ƙasa kuka dawo gida Sakkwato kuna neman abin yi. Akwai tambayar da take yawo a tsakaninku: idan mutum ya samu dama biyu, ɗaya a babban kamfanin ƙasar waje, ɗaya a kamfanin wani Alhaji na nan gida, wanne zai ɗauka? Abin da yake damuna shi ne yawancinku kuna yanke hukunci ne da sunan kamfanin kawai, ba ku karanta takardar da aka ba ku ba.

Manyan kamfanoni irin su Nestlé da Unilever da MTN da Airtel hedikwatocinsu suna Legas. Kayansu da layukansu sun cika kasuwannin Sakkwato, amma da yawa daga cikin matasan da kuke gani sanye da rigunansu ba ma'aikatansu ba ne. Wasu yaran dila ne, wasu kuma wani kamfani na daban ne da ke kwangilar samar da ma'aikata ya ɗauke su. Riga da katin wuya suna ɗauke da tambarin babban kamfani, takardar ɗaukar aiki kuwa tana ɗauke da sunan wani kamfanin da ba ka taɓa ji ba. Wanda sunansa yake saman takardar, wanda kuma ya sa hannu a ƙasanta, yawanci shi ne ubangidanka a idon doka. Shi zai biya ka, shi zai sallame ka, shi za ka kai ƙara Kotun Ma'aikata idan an ci haƙƙinka. Ƙarin girma da horo da asibitin da ma'aikatan babban kamfanin suke samu ba lallai ne su shafe ka ba, ko da kuwa ofis ɗaya kuke zama da su.

Bari mu ɗauki misali, mu yi lissafinsa tiryan-tiryan. A ce wani ƙaninmu ya karanta akanta, sai aka yi masa tayi biyu. Na farko aikin tallar kayan masarufi na wani kamfanin ƙasar waje ta hannun ɗan kwangila, albashi naira 180,000 a wata, kwantiragin shekara ɗaya. Na biyu aikin riƙe littattafan kuɗi a wani kamfanin casar shinkafa na gida, naira 130,000 a wata. Duk wanda ya ji zai ce ai magana ta ƙare, ratar 50,000 ce.

To amma da ya karanta takardar farko da kyau, sai ya ga tabbataccen albashin 110,000 ne, ragowar 70,000 ɗin sai ya cika adadin cinikin da aka yanka masa a watan. Daga 110,000 za a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, wato 8,800. Aikin kuma na zagaye ne, yau Illela, gobe Wurno da Acida, jibi Boɗinga ko Tambuwal, a kan babur ɗinsa. A ce mai da gyara suna cin 30,000 a wata, takardar kuma ba ta ce za a mayar masa ba. Watan da kasuwa ta yi kyau zai koma gida da 141,200 kafin haraji. Watan da kasuwa ta mutu, kamar tsakiyar damina lokacin da kuɗin mutanen ƙauye suka tafi gona, 71,200 ne zai rage masa. Mai riƙe littafin kamfanin shinkafa yana zaune da 130,000 ɗinsa a duka watannin biyu.

Kada ku yi saurin cewa na fifita na gida, domin lissafin bai ƙare ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ban da kashi 8 na ma'aikaci, mai kamfani zai ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Ga ɗan tallan namu, 11,000 ke nan, a haɗa da nasa 8,800, ana ajiye masa 19,800 kowane wata, 237,600 a shekara, a asusun da yake nasa ne ko ya bar aikin. Dokar ta kuma wajabta wa mai kamfani ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ga wanda zai riƙa bin hanyoyin gabashin jihar nan, da halin tsaron da kowa ya sani, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma dole ya tambaya kafin ya sa hannu. Sai dai cire kuɗi daban, zuba su daban. Doka ta ba mai kamfani kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin. Idan ka yi wata uku, ka nemi bayanin asusunka a wurin kamfanin fanshon da ka yi rajista da shi. In ana cirewa a takardar albashi amma asusun babu komai, ka riga ka san irin mutanen da kake wa aiki.

A kamfanin gida matsalar wata iri ce, kuma ita ce na fi so mu yi wa kanmu faɗa a kanta. Sau da yawa aikin ta hanyar sanayya yake zuwa. Alhaji abokin mahaifinka ne, ko kawunka ne ya kai ka, aka gaisa, ya ce, "Ai ɗana ne, ya fara zuwa ranar Litinin." Babu takarda, babu maganar hutu, wani lokaci ko albashin ba a ambata ba sai ƙarshen wata ka ga abin da aka ba ka. Kai kuma kana jin nauyin tambaya, kana tsoron a ce yaron nan ba shi da kunya. Ƙanina, neman takarda ba rashin kunya ba ne. Addininmu ma ya umarce mu da rubuta bashi, dokar ƙwadago ta ƙasa kuma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Akwai hanyar nema cikin ladabi. Ka ce, "Baba, ina roƙon a rubuta mini takardar ɗaukar aiki, domin zan buƙace ta wajen rajistar jarrabawar ƙwarewa da kuma banki." In ka ga bakinka ba zai iya ba, wanda ya kai ka shi zai nema maka. Ka kuma roƙa a riƙa biyanka ta banki daga asusun kamfani. Ranar da za ka nemi aiki na biyu, takardar nan da shaidar banki su ne hujjarka cewa ka yi shekara biyu kana aiki. Ku sani kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka a ƙaramin kamfani abin da kuka yi yarjejeniya a kai shi ne naka.

Ba duk kamfanin gida ne haka ba. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda yanzu yake ƙarƙashin BUA, na 'yan ƙasa ne, amma yana kasuwar hannun jari, ana bincikar littattafansa kowace shekara. A gefe guda, sunan ƙasar waje ba ya nufin dawwama: a 2023 GSK mai yin magunguna ta sanar za ta daina sayar da kayanta da kanta a Najeriya ta miƙa wa dillalai, P&G mai yin kayan masarufi kuma ta ce za ta daina sarrafa kaya a nan ta koma shigowa da su. Mutanen da suka yi wannan hukunci ba a ƙasar nan suke ba, ba su kuma san ɗan tallan Illela ba.

Yanzu ga abin da ya fi kuɗin muhimmanci a aikin farko: me hannunka zai iya bayan shekara biyu? Ɗan tallan nan zai koyi yadda ake tsara zagaye, da rubuta rahoton mako, da karɓo bashi a wurin 'yan kasuwa, da zuwa a kan lokaci. Ilimi ne mai amfani, in dai ciniki yake son ya zama sana'arsa. Amma akanta ya karanta, kuma ba zai taɓa littafin kuɗi ba. A kamfanin shinkafa zai ga komai da idonsa: sayen shanshera daga manoman Goronyo da Wurno, asarar nauyi bayan busarwa da casa, kuɗin gas na janareta, bashin diloli, haraji, daidaita littafi da takardar banki. Wannan duk zai samu ne in akwai wanda zai koya masa. Don haka ya tambaya: wa yake riƙe littattafan yanzu? Akwai akanta mai takardar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN da ke dubawa? Ana bincikar asusu a ƙarshen shekara? Aljihun Alhaji daban yake da asusun kamfani? Idan amsoshin duka a'a ne, za a kira shi manajan kuɗi, amma aikinsa bai wuce rubuta rasit da kai kuɗi banki ba. Mafi muni, ranar da lissafi ya ƙi fita saboda 'ya'yan gida suna ɗiba ba a rubutawa, shi bare shi za a fara kallo. Ya nemi wanda ya bar kujerar kafin shi, ya ji dalilin tafiyarsa. A garin nan ba wuya a same shi.

Ni dai ga ra'ayina. In aikin farko ne, kuma babban kamfanin da kansa ya ɗauke ka, da sunansa a takarda, cikin shirinsa na horar da sabbin ma'aikata, ka karɓa, ko da zai kai ka Legas ko Kano. Tsarin da za ka koya a can yana da wuyar samu a nan. Sai dai ka lissafa hayar shekara da kuɗin mota da kuɗin zuwa gida kafin ka yi murna da albashin, ka kuma zauna da iyayenka tun kafin ka sa hannu, domin takardun nan yawanci suna cewa ana iya tura ka ko'ina a ƙasar. Ga ƙannena mata wannan sharaɗin ya fi buƙatar a tattauna shi a gida da wuri. In kuwa ta hannun ɗan kwangila ne, to ka auna shi da kamfanin gida kafaɗa da kafaɗa kamar yadda muka yi a sama, ka ɗauki wanda zai koya maka sana'arka. A misalinmu, in kamfanin shinkafar yana da akanta na gaske kuma ya yarda da takarda, can zan tura yaron.

In ka zo neman aikinka na biyu kuma, a lokacin ne kamfanin gida ya fi daɗi, domin ka zo da abin da suke nema, kana da bakin yin ciniki. Ka nemi a rubuta iyakar ikonka: har nawa za ka iya amincewa a kashe ba tare da an kira Alhaji ba, wa kake ba rahoto, wata nawa za a ba ka sanarwa in za a rabu. Ka ba su lambar asusun fanshonka na tsohon aiki su ci gaba da zubawa, domin lambar ɗaya ce duk inda ka koma. Kuma kada ka ajiye aikin da ke hannunka sai sabuwar takardar ta shigo hannunka da sa hannu da kwanan wata.