Gyaran jadawalin Hausa da na'ura ta ɓata ba aikin hasashe ba ne

Manhajar OCR, wadda ke mayar da hoton shafi zuwa rubutu, tana fitar da haruffan da aka horar da ita a kansu ne kawai. Idan da Turanci aka horar da ita, sai ta mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ta kuma ɗauki alamomin karin sauti a matsayin dattin takarda. A cikin zube ɓarnar tana da sauƙi, domin jimla kan nuna wa mai karatu ko ƙafa ake nufi ko kafa. A jadawali kuwa kalma ita kaɗai take zaune a gidanta, babu maƙwabciyar da za ta ba da shaida a kanta, shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a bar gyaransa ga umarnin nema da musanya.

Mu ɗauki jadawalin lamirin lokaci na littafin nahawu. A layin namiji guda za a tarar da yā na shuɗaɗɗen lokaci, da yà na umarni, da yâ na lokaci mai zuwa na biyu, amma na'urar za ta jera ya sau uku, jadawalin ya rasa abin da aka yi shi domin ya koyar. Wannan maimaicin shi ne alamar farko da mai gyara zai nema. Maganin yana kan taken kowane shafi na tsaye: a ƙarƙashin umarni duk lamiran masu karin ƙasa ne, wato kà, kì, yà, tà, mù, kù, sù, don haka a gyara su daga sama zuwa ƙasa, hoton asali yana buɗe a gefe.

Jadawalin kalmomi ya fi wuya, domin babu ƙa'idar da za ta raba kūkā na hawaye da kūkā̀ ta miya sai fassarar da ke gidan kusa ko hoton kansa. Inda tawada ta dushe, gara a yi wa gidan alamar shakka da a cika shi da zato. Baƙin haruffa irin su ä da ã kuwa a binciko su tun farko, domin galibi layin tsawon wasali ne na ā aka karanta a karkace.

Yawancin wahalar nan ana iya kauce mata wajen ɗaukar hoto. Kada a yi ƙasa da 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci na hoton, kuma a yi hattara da share layukan jadawali, domin ƙugiyar Ɗ ko alamar da ta taɓa layin sama kan tafi tare da shi. Bayan gyara a adana da UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, a daidaita rubutun zuwa NFC, tsarin da ke haɗe harafi da alamarsa su zama lamba ɗaya inda zai yiwu, saboda à tana iya zama lamba ɗaya, U+00E0, ko lamba biyu, wato harafin a da alamar U+0300, kuma idan aka cakuɗa su biyun, nema zai tsallake wasu gidajen alhali ido bai ga bambanci ba.