Idan ba zai iya ramawa ba, ba wasa kake yi da shi ba

Duk ƙasar Hausa an san mu Katsinawa da ashar, mu ma ba ma musu. A tasha, a garejin kanikawa, har a ofis, za ka ga abokai biyu sun haɗu da safe, wannan ya lailayo ashar ya danƙara wa wancan, wancan ya mayar masa da wadda ta fi ta, sannan su tafa su tambayi iyali. Baƙo sai ya tsaya yana jiran a ba hamata iska, alhali gaisuwa ce. Ban zo kare wannan ɗabi'a ba, malamai sun daɗe suna wa'azi a kanta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ta zama mafakar masu cin mutuncin na ƙasa da su a wurin aiki. Da an yi magana sai ka ji, "Haba, wasa ne fa, ai ka san halinmu."

To, wasan da muka gada yana da doka. Bakatsine yana tsokanar Banufe ko Bahaɗeje, Bafillace yana tsokanar Babarbare, taubasai suna yi, kaka da jika ma haka. A kowane ɗaya an san wa ke wasa da wa, kuma wanda aka tsokana yana da cikakken ikon ramawa ba tare da ya rasa komai ba. Jika zai ce wa kakarsa abin da ba zai taɓa ce wa uwarsa ba, domin al'ada ta buɗe masa ƙofa ɗaya ta rufe ɗayar. A ofis mun ɗauko tsokanar, mun bar dokar a gida.

A ɗauki misalin wani sashe mai ma'aikata kaɗan. Shugaban sashen da akanta sa'o'in juna ne, tare suka fara aiki, kullum cikin zagin juna suke. Akanta kan ce masa ɗan banza a gaban kowa, ya kwana lafiya, albashinsa da matsayinsa ba su girgiza ba. Wannan wasa ne, ko da kunne ba ya son ji.

Sai aka kawo wata ma'aikaciyar wucin gadi wadda aurenta bai daɗe da mutuwa ba. Shugaban ya laƙaba mata "bazawarar ofis". Ranar farko ta yi dariya. Kafin wata ya ƙare masinja da direba sun ɗauka, har a gaban baƙi ake kiranta da shi. Daga nan magana ta gangaro kan tafiyarta da ɗinkin da ta sa, sai saƙon waya da dare mai ƙarewa da "wasa nake miki". Wata rana ta daure ta ce, "Yallaɓai, don Allah a bar kirana da sunan nan." Ya ce, "Ke ba ki san wasa ba." Da aka fitar da sunayen masu zuwa bita, inda ake samun ɗan alawus, babu nata.

A ina wasa ya ƙare? A ganina tun ranar farko bai fara ba, domin ba ta da bakin da za ta laƙaba wa mutumin da ke sa hannu a sabunta aikinta wani suna. Amma ko mai son yi masa uzuri dole ya tsaya a ranar da ta ce a bari ya ƙi bari. Abokin wasa na gaskiya, da ya ga ranka ya ɓaci, shi ne zai fara ba ka haƙuri, domin nishaɗinku yake nema ku biyu. Wanda ya ci gaba bayan an roƙe shi ya nuna cewa jin daɗinsa a cikin ɓacin ran naka yake. Cire sunanta kuwa horo ne, kuma ya koya wa sauran ma'aikata kuɗin da ake biya idan an buɗe baki.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, "ai tana dariya". Mai ƙaramin albashi da yara a gida ya iya dariyar yaƙe fiye da kowa. A bar kallon haƙoranta, a kalli ƙafafunta: ta daina zama cin abinci da jama'a, tana jira sai ya fita kafin ta shiga kai fayil, ta fara neman a sauya mata sashe ba tare da ta faɗi dalili ba. Kuma kada a ɗauka sai shugaba ne kaɗai ke yin wannan. Sa'o'i ma suna yi idan suka yi wa mutum ɗaya taron dangi a kan abin da ba shi da ikon sauyawa, kamar in'ina, ko rashin haihuwa, ko addini. Haka masu koya wa 'yar bautar ƙasa da ba ta jin Hausa ashar a matsayin gaisuwa, su tura ta gaban dattijo suna ƙyalƙyala dariya. Ita ba ta cikin wasan, da ita ake wasa.

Wahalar tana wajen fahimtar da mai yin, domin sau da yawa har zuciyarsa yana ganin ba shi da laifi. Kuskure ne a fara da gardama a kan niyyarsa, rantsuwa zai yi, magana ta mutu. Gara sa'ansa, irin akantan nan, ya ja shi gefe su biyu ya ce, "Malam, ni idan ka zage ni ina ramawa. Ita za ta iya? Ranar da ta ce ka bari, ka bari? Da ƙanwarka ce a wani ofis ake kira da sunan nan, a gabanka, za ka yi dariya?" A kama masa abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya: sunan, saƙon dare, takardar bita. Wannan ya fi a ce masa ba shi da mutunci, domin abin da aka lissafa ba ya musantuwa. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ya san ta tun yana makarantar allo.

Wasu za su ce idan aka bi ta haka ofis zai bushe, kowa ya ɗaure fuska. Ban yarda ba. Babu wanda ya ce akanta da shugaba su daina tsokanar juna, sai dai su sassauta murya idan akwai wanda ashar ke damu. Abin da ake nema kawai shi ne kalmar "a bari" ta yi aiki a bakin kowa, har masinja.

Doka ma ba niyya kaɗai take dubawa ba. Yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019, Nijeriya kuma ta rattaba mata hannu a 2022, ta ɗauki cin zarafi a matsayin ɗabi'ar da ta cutar ko take iya cutar da ma'aikaci a jiki, ko tunani, ko mutuncinsa ta fuskar jinsi, ko abin samunsa, ko sau ɗaya aka yi. Sashe na 254C na tsarin mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya da cin zarafi ta hanyar lalata a wurin aiki. Ma'aikaciyar wucin gadi ba kasafai za ta kai can ba, amma ko ƙorafi a cikin gida yana bukatar shaida. Kada ta goge saƙonnin, ta rubuta rana da wurin da aka faɗi kowace magana da waɗanda ke nan, kuma ta kai kukanta a rubuce ga wanda ke sama da shugaban ko ga ƙungiyar ma'aikata, ta ajiye kwafi a gida.