Neman ɗage intabiyu ba rashin kunya ba ne, amma yana da tsarinsa

Ranar wata Litinin da almuru 'yar yayata ta shigo mini a Aboabo, waya a hannu, ido ya yi ja. Wani kamfani a Accra da ta nemi aikin akanta a wurinsa ya aiko mata da imel: ta zo intabiyu ranar Alhamis 13 ga wata, ƙarfe 10 na safe. Alhamis ɗin nan kuwa, ƙarfe 9, ita ce ranar da za ta tsaya gaban malamanta a nan Kumasi ta kare kundin kammala digirinta. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 250 ne, bas kan ci awa biyar ko shida idan hanya ta yi kyau.

"Kawu, ko dai in yi shiru kawai? Idan na ce su canza rana za su ce na raina su."

Uwarta kuma tuni ta samo tata dabarar: akwai wani Alhaji a unguwa da ya san wani da ya san manajan, a je a gaishe shi ya buga waya.

Na hana duka biyun, kuma dalilin hanawar shi ya sa nake wannan rubutu. Na yi shekaru ina zama cikin masu yi wa 'yan neman aiki tambayoyi, na ga imel irin wannan iri-iri. Ra'ayina shi ne mai neman aiki ya rubuta da kansa, ya rubuta da wuri, kuma ya rubuta yadda amsa masa da "to" ba za ta wahalar da kowa ba. Mu 'yan Zango an tashe mu a kan cewa yaro ba ya sa wa babba lokaci, tarbiyya ce mai kyau a zaure. Amma a ofis, wanda ya yi shiru bai zo ba, ba a rubuta masa "mai kunya" a takarda. "Bai zo ba" ake rubutawa, a wuce ga na gaba.

Wanda bai taɓa zama a wancan ɓangaren teburin ba yakan ɗauka mutum ɗaya ne ke jiransa. Yawanci mutum uku ne ko huɗu: shugaban sashen da ke neman ma'aikaci, jami'ar kula da ma'aikata, da wani daga wani sashe. Kafin a haɗa su a ɗaki ɗaya an sha fama, kowa ya ture nasa aikin. An jera mutum takwas, kowa rabin awa, ga takardar ba da maki a gaban kowanne. Saboda haka idan ka ce a mayar da kai daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 3 a ranar, abu ne mai sauƙi, musanya ce kawai ko ƙara mutum ɗaya a ƙarshen layi. Idan ka ce a mayar da kai wata rana, ka nemi a sake tara mutum ukun nan saboda kai kaɗai. Idan kuma ka ce "duk ranar da ta yi muku", kana ganin ladabi ka yi, alhali aiki ka ɗora wa jami'ar: ta zagaya ta tambayi kowa, ta dawo gare ka, wataƙila ranar ma ba ta yi maka ba.

Wannan shi ne abin da na fara nuna wa yarinyar. Na ce mata kada ta fara da tunanin wace rana ta fi mata daɗi, ta fara da wanne ne ya fi musu arha. Kare kundi zai ƙare kafin azahar. Bas ba zai kai ta Accra kafin a tashi aiki ba. Jirgi daga filin Prempeh I bai kai awa ɗaya a sama ba, amma kuɗinsa ba na ɗaliba ba ne, kuma idan malamai suka ja lokaci tikitin ya tafi a banza. Abin da ya rage shi ne ta bidiyo, a ranar, da yamma, lokacin da mutanen suna nan zaune ba su watse ba. Shi muka sa a farko. Na biyu Juma'a da safe ƙarfe 9, ta kwana a unguwar Nima ta Accra wurin gwaggonta, a gama tun kafin masallaci. Na uku Litinin.

Ta fara rubutawa, na leƙa. Layi shida na farko duk gaisuwa ce da addu'a, ya aiki, ya iyali, Allah ya ƙara girma. Sannan labarin yadda aka sa ranar kare kundi, da yadda malami ya ƙi canzawa, da yadda mahaifiyarta ta sha wahala a kan karatun nan. Ban-haƙuri sau huɗu. Buƙatar kanta tana can ƙasa, sai mutum ya gangara da yatsa kafin ya same ta. Jami'ar da ke da imel hamsin a akwatinta ba za ta gangara ba. Muka goge, muka sake. Da Turanci aka aika, ga abin da ya ƙunsa da Hausa:

"Barka da yamma. Na gode da gayyatar da kuka yi mini zuwa intabiyun aikin mataimakiyar akanta ranar Alhamis 13 ga wata, ƙarfe 10 na safe. A safiyar ranar zan kare kundin digirina a Kumasi, jami'a ce ta sa lokacin, ba ni da ikon canza shi. Ina son aikin nan ƙwarai, shi ya sa nake roƙon ko za a iya ba ni ɗaya daga cikin waɗannan: Alhamis ɗin daga ƙarfe 3 na yamma ta bidiyo, ko Juma'a 14 ƙarfe 9 na safe a ofishinku, ko Litinin 17 kowane lokaci. Na haɗa da jadawalin jami'ar. Ku yi haƙuri da ɗawainiyar da na jawo. Ga lambar wayata."

Gaisuwa ɗaya, dalili ɗaya, ban-haƙuri ɗaya. Sunan aikin da ranar suna sama, don kamfani na iya ɗaukar ma'aikata a sashe uku a mako guda, jami'ar kula da ma'aikata ba ta haddace kowa ba. Kuma ba sabon imel muka buɗe ba. `Reply all` muka danna a kan gayyatar, domin akwai wani suna a layin `Cc`, kuma sau da yawa wannan na biyun shi ne mai riƙe da jadawali. Muka aika a daren, ba mu bari gari ya waye ba. Imel ɗin da ya iso ranar Litinin da dare ya bar musu kwana biyu cif su juya. Wanda ya iso Laraba da dare, ko da kalmominsa iri ɗaya ne, ana karanta shi a matsayin mutumin da ya manta.

Batun dalili nan ne mutane suka fi zamewa. Na taɓa ganin wanda ya rubuta cewa kakarsa ta rasu, muka ɗage masa, a intabiyun ɗaya daga cikinmu ya yi masa ta'aziyya, sai ya yi turus yana tunanin wace kaka. Shi ke nan maganarsa ta ƙare, duk da takardunsa sun fi na kowa. Kumasi da girmanta, Zango ƙaramin gari ne, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Idan dalilinka abu ne da ba ka so ka faɗa, asibiti ne, ko wani kamfanin ne ya riga ya sa maka intabiyu a lokacin, "ina da wani alƙawari da na riga na ɗauka, ba zan iya janye shi ba" gaskiya ce kuma ta wadatar.

Sai dai mu gaya wa kanmu gaskiya a kan abin da ake kira dole. Jarrabawa dole ce. Ranar kotu, ranar tiyata, jana'izar uwa ko uba wadda a wurinmu ba ta jiran gobe, duk dole ne. Suna da biki da addu'ar arba'in fa? Na san nauyinsu, na san gorin da ake yi wa wanda ba a gani ba. Amma waɗannan ana iya leƙawa da asuba ko da yamma, a yi wa dangi bayani. Alfarmar ɗagewa sau ɗaya ake samunta, kada a kashe ta a kan shinkafar biki.

Akwai masu cewa duk wannan zance ne, a ƙasar da masu digiri suka fi guraben aiki yawa, wanda ya nemi a ɗage masa ya ba da ƙofar a tsallake shi. Ban ce ƙarya suke ba. Alfarma ce kake nema, suna da damar su ƙi, wasu kuma za su ƙi. Idan irin ɗaukar aikin nan ne na jama'a da yawa, inda ake tara ɗaruruwa a zaure guda a rubuta jarrabawa, kusan babu abin da imel zai canza, sai ka zauna ka zaɓi wanda za ka bari. Amma a duba abin da ke ɗaya hannun. Yarinyar nan ba za ta iya rabuwa biyu ba. Zaɓinta ko ta rubuta ta samu wataƙila, ko ta yi shiru ta rasa tabbas. Hanyar Alhaji kuwa ta fi duka muni: manaja zai ji an matsa masa ta sama, jami'ar za ta ji an tsallake ta, kuma abin farko da za su sani game da mai neman aikin shi ne ba ta iya yin magana da bakinta. Mai neman zama akanta, wadda gobe za ta riƙa bin 'yan kasuwa bashi a rubuce.

Su ma kamfanonin suna da nasu laifin. Mai gayyatar mutum daga wani gari ya ba shi kwana biyu ko uku, ko ma ya kira yau ya ce gobe, shi ya haifar da rabin wannan cin karon lokaci. Layi ɗaya a ƙasan gayyata, "idan lokacin bai yi maka ba ka sanar da mu kafin rana kaza", zai rage wa kowa fargaba.

Talata ta wuce ba amsa. Yarinyar ta ce ko shirun yana nufin sun yarda. Na ce a'a, muddin ba a rubuto miki sabon lokaci ba, tsohon yana nan daram. Ta duba `Spam`, babu komai. Laraba ƙarfe 9 na safe na sa ta kira lambar da ke ƙasan gayyatar, sau ɗaya, ta faɗi sunanta da aikin, ta ce ta aiko da saƙo ranar Litinin, tana so ta tabbatar ya iso. Matar ta ce ta gani, tana jiran shugaban sashe ne. Kafin la'asar amsa ta zo: Alhamis, ƙarfe 3 da rabi, ta bidiyo. Ta mayar da layi biyu, godiya da maimaita ranar da lokacin, don ya zauna a rubuce.

Ranar Alhamis ta fito daga gaban malamai wajen sha biyu da rabi, ta yi sallah, ta zo ofishina da kwat ɗin da ta kare kundi da ita. Muka cika wayar da caji, muka sayi data a layi biyu saboda halin wuta da sabis, na kori kowa daga ɗakin na ja ƙofa. Uwarta ta kira ni sau uku a cikin rabin awar nan tana tambaya ko har yanzu bai kamata a je a gaida Alhaji ba.