Imel ɗin da ya sa aka taya ni murna

Jama'a ku ji abin da na ja wa kaina. Muna da aikin sa sola a wata makaranta a Aboabo, nan Kumasi, mu bakwai, kuma ni ne shugaba wai. Ranar miƙa aiki Juma'a 28 ga Fabrairu. Sai mai kawo mana batura ya kira, wai kwantenarsa ta maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema, mu ƙara masa kwana 10.

Na zauna rubuta wa yarana imel, na ce kar gwiwarsu ta yi sanyi, bari in fara da daɗin baki. Kai, na zuba! Na yabi mai haɗa waya, na yabi masu hawa rufi, har direba sai da na ce babu kamarsa daga Kejetia zuwa Suame, alhali mutumin nan sau biyu yana mantawa da tsani. Sabuwar ranar kuwa na cusa ta can ƙasa a layi na 19 kamar mai ɓoye nama a gindin tuwo. Wajen Subject na sa "Albishirinku".

Minti biyar ba a yi ba Hajiya mai riƙe mana kuɗi ta amso: "Goro! Maigida nawa aka ƙara mana?" Wani ya ce Allah ya sanya alheri, ashe ya ɗauka aure zan ƙara. Ba wanda ya kai layi na 19.

Gara ma da ba su kai ba, don ranar ma ƙarya ce. Ni na ƙirga 10 a yatsa na rubuta 10 ga Maris, shi kuwa mai baturan kwanakin aiki yake nufi, babu Asabar babu Lahadi, ga 6 ga Maris hutun 'yancin kai ofisoshi a rufe. In ka ƙirga da kyau Litinin 17 ga wata take faɗawa. Na ɗora kwana biyu saboda hanyar Tema zuwa Kumasi ba a yi mata rantsuwa, ya zama Laraba 19.

Imel na biyu layi huɗu ne kawai. Subject: "Miƙa aiki ya koma 19 ga Maris". Sai dalili, batura ne suka makara, ba laifin kowa a cikinmu ba. Sai abin da za a yi kafin su iso, a gama ɗaura faifan sola a ja waya, ranar da suka sauka haɗawa kawai ya rage. Na rufe da cewa koko da ƙosai na ranar Juma'a a kaina.

Wannan kam an karanta. Mai haɗa waya ya danna Reply All ya ce mai baturan nan ko kunkuru ya fi shi sauri. Sai a lokacin na ga na sa mutumin a Cc.

Ya amso da kalma huɗu: "Kunkurun ma zai zo." Kuma ya zo, ƙosai shida ya ci.