A bar maƙwabcin nan a bakin ƙofa

Wata ƙawata da ke gwada hannunta a rubutu ta turo min gajeren labarinta, shafi shida, ta ce in duba mata. Waɗanda suka riga ni karantawa sun taru a kan ƙorafi ɗaya, wai labarin bai ƙare ba. Suna so ta ƙara sakin layi a ƙarshe, ta shiga zuciyar namijin ta faɗa mana ko son matar yake yi ko kirki ne kawai. Ni na ce mata kada ta kuskura. Akwai gyara a labarin, amma ba a nan yake ba.

Ga yadda yake. Wata mata ce da ke zaune ita kaɗai, ƙofarta na kallon ta wani mutum mai ƙarancin magana. Wata safiya ta tarar da sabon ƙwan fitila a bakin ƙofarta, alhali ba ta faɗa wa kowa cewa na barandarta ya mutu ba. Bayan mako biyu ruwa ya tsare ta a ƙofar gida, ya miƙa mata laima. Da ta kai masa abinsa washegari sai ya ce, "Bar ta wajenki, maƙwabciya, ai ruwan bai ɗauke ba tukuna." Daga baya ya kawo mata dashen fure a cikin tsohon gwangwani. Tsakanin waɗannan akwai gaisuwa, wadda kullum take ɗan zarce inda ya kamata ta tsaya. Ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, an gama, amma makullinsa na cikin ƙofa bai murɗa ba, kamar akwai sauran magana a bakinsa.

Abin da ya riƙe labarin shi ne kowace kyauta tana da fuska biyu, kuma marubuciyar ta auna su daidai. Ɗauki ƙwan fitilar. Yana iya nufin ya damu da ita. Yana iya nufin duhun barandar ne ya dame shi, tunda shi ma nan yake bi da daddare. Akwai ma fassara ta uku da matar ta yi da tsakar dare, wadda ta fi burge ni: in har ya san fitilarta ta mutu, ashe yana kallon ƙofarta ke nan. A layi ɗaya abin da ya faranta mata da safe ya sa ta tashi ta sake duba sakata. Duk macen da ta taɓa zama ita kaɗai ta san wannan juyin, kuma da wuya ka same shi a labaran soyayya, inda ake ɗaukar duk wata kulawa a matsayin alheri.

Matar kuma ba zama ta yi tana mafarki ba, bincike take yi. Ta fara lura ko ita kaɗai ake yi wa. Ranar da ta hango shi yana ɗaukar wa tsohuwar ƙasan bene jarka, har ya tsaya suna dariya, sai gwiwarta ta yi sanyi, ta ce ashe halinsa ne. Kwana uku bayan haka ta lura cewa da tsohuwar yana magana yana tafiya ne, da ita kuwa tsayawa yake yi. Ta koma lissafi daga farko. Haka mai karatu yake ta hawa da sauka tare da ita, don abin da ta gani shi kaɗai muka gani.

Masu cewa a bayyana zuciyar mutumin suna ɗauka cewa a rayuwa ana gane irin wannan abu cikin sauƙi, marubuciyar ce kawai take ja mana rai. Ba haka ba ne. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas da abokan aikinsa sun haɗa ɗalibai maza da mata da ba su san juna ba, suka bar su su yi hira ta kusan minti 10, sannan suka tambayi kowa ko abokin hirarsa ya nuna masa alamar so. A sakamakon da ya fito a 2014, inda da gaske an nuna alamar, kashi 28 cikin ɗari ne kawai suka gane, mata ma ba su kai haka ba. Inda babu alamar kuwa, fiye da kashi 80 sun gane babu. Wato ruɗewar matar nan ba wauta ba ce, haka abin yake ga yawancin mutane. Mai nuna so da ƙananan abubuwa da gangan yake zaɓar waɗanda zai iya musantawa. Laima ce fa, in aka ƙi karɓa bai yi asarar komai ba, gobe za a gaisa kamar yadda aka saba. Maƙwabtaka ta ƙara wa abin nauyi, domin wanda ka yi wa kuskuren fahimta a hanya ba za ka sake ganinsa ba, maƙwabci kuwa da shi za ka buɗe ido kowace safiya.

Na yarda da masu ƙorafin a abu ɗaya. Sau da yawa barin ƙarshen labari a buɗe lalaci ne, marubuci ya rasa mafita ya ajiye alƙalami ya ce hikima ce. Yadda nake bambancewa shi ne in duba ko wani abu ya sauya tsakanin shafin farko da na ƙarshe. A nan ya sauya. Matar da ta fara da tambayar me yake nufi ta ƙare da gane cewa ita ce take jinkirta fita da minti biyar don su haɗu a matakala. Tambayar da labarin ya ɗauko tun farko game da ita ce, kuma ya amsa ta.

Inda na sa jan biro shi ne shafi na biyar. A can mutumin ya ba ta kwalbar turare. Wannan ya ɓata ma'aunin gaba ɗaya. Ƙwan fitila na baranda ne, laima ta ruwa ce, fure na taga ne, dukkansu ana iya jingina su ga gida ko yanayi. Turare kuwa na jiki ne, an kashe masa kuɗi, an tsaya an zaɓa. Ba mai ba maƙwabciyarsa turare don duhu ya dame shi. Daga wannan layin mai karatu ya riga matar sanin amsa, sai ya fara ganin kamar ba ta da wayo, kuma ina zargin shi ya sa masu karatun farko suka ji an hana su abin da aka riga aka yi musu alkawari. Na ce ta cire turaren, ta sa wani abu da bai wuce darajar laimar ba, ko batirin agogon bango ne.

Ta cire. Yanzu labarin yana ƙarewa ne da matar ta ɗauke gwangwanin furen daga tagar ɗaki ta dawo da shi bakin ƙofa, inda dole ya gani in ya fito. Ta koma ciki ba ta sa sakata ba, tana jin motsin makullinsa a ɗaya ɓangaren.